Yadda Ake Rubuta Kuɗin Makaranta: Biyan Gaba, Tallafin Karatu da Bashin Ƙarshen Zango

Masu makarantun kuɗi da ma'ajansu suna yawan tambaya a kan abubuwa uku. Uba ya biya kuɗin shekara guda tun watan Agusta, a ina za a rubuta shi? An yafe wa maraya kuɗin makaranta, shin sai kawai a tsallake sunansa? Zango ya ƙare ana bin iyaye bashi, yaya za a tsallaka da shi zuwa sabon zango ba tare da lissafi ya cuɗe ba? Amsar duka ukun tana rataye ne a kan abu ɗaya: kuɗin da ya shiga banki daban, kuɗin da makaranta ta samu daban. Kuɗi yana zama na makaranta ne a zangon da ta koyar da yaron, ko an biya kafin nan ko ba a biya ba har yanzu.

Za mu bi misalin firamare mai ɗalibai 200, kuɗin zango naira 40,000, shekarar karatu mai zango uku wadda ke farawa a Satumba. Alƙaluman na misali ne, kowa ya sa nasa. Don sauƙi, mun ɗauka cewa ba a bin kowa tsohon bashi a ranar da aka buɗe littafin.

1. Tanadi kayan aiki kafin a karɓi ko sisi

Abu huɗu ake buƙata. Na farko littafin rasit mai lamba a jere, mai kwafi uku: ɗaya na uba, ɗaya na ma'aji, ɗaya ya zauna a jikin littafin. Na biyu littafin shige da fice na kuɗi. Na uku littafin ɗalibai, inda kowane yaro ke da shafinsa da lambar shigarsa makaranta. Na huɗu rajistar tallafi, wadda za mu yi bayaninta a mataki na 4. Wanda ke da kwamfuta zai iya mayar da na biyu da na uku cikin Excel, amma rasit ɗin takarda ya ci gaba da zama. Abin da za a kashe bai wuce kuɗin buga rasit a maɗaba'a da sayen manyan littattafai ba, sai kuma cajin banki da na POS da ke biyo kowane biya.

Bayan waɗannan akwai babban littafin lissafi, inda ake tattara lissafin makaranta duka, a cikinsa a buɗe waɗannan asusai: banki, ajiyar iyaye, bashin ɗalibai, bashin masu ɗaukar nauyi, kuɗin shiga na karatu, rangwame da tallafi, tanadin asarar bashi, da kuɗin da ba a san mai shi ba. Kowane asusu yana da ɓangare biyu, hagu da dama, wato abin da akantoci ke kira debit da kiredit. Duk abin da aka rubuta a hagun wani asusu, dole a rubuta daidai da shi a daman wani.

Gargaɗi: kada a yi amfani da suna kaɗai wajen gane yaro. Aji ɗaya zai iya ɗaukar Aisha Muhammad uku. Lambar shiga ita ce sunan yaro a ofishin ma'aji, kuma ita za a roƙi iyaye su rubuta a wurin bayani idan za su tura kuɗi ta waya.

2. Rubuta kuɗin da aka biya tun kafin zango a matsayin ajiya

A watan Agusta, ana cikin dogon hutu, iyaye 10 suka biya kuɗin shekara gaba ɗaya, kowa naira 120,000, jimilla 1,200,000. Wasu 30 kuma suka biya na zangon farko kaɗai, jimilla 1,200,000. Naira 2,400,000 ke nan a banki, kuma ko naira ɗaya a ciki ba ta zama ta makaranta ba tukuna, domin ba a koyar da darasi ko ɗaya ba. Da makarantar za ta kasa buɗewa, sai ta mayar wa mutane kuɗinsu. Saboda haka a rubuta 2,400,000 a hagun asusun banki, a rubuta 2,400,000 a daman asusun ajiyar iyaye. Asusun kuɗin shiga ba a taɓa shi.

A jikin rasit a rubuta zangon da aka biya wa da shekarar karatun, filla-filla. Wanda ya biya 120,000 a nuna masa 40,000 sau uku, kowanne da zangonsa. A shafin yaron ma haka. Rasit ɗin da aka rubuta masa "kuɗin makaranta" kawai shi ne ke jawo rigima a watan Janairu, lokacin da uba ya ce ya biya na zango biyu, ma'aji kuma ya ce tsohon bashi ya biya.

Idan makaranta tana rage wa mai biyan shekara wani abu, misali ya biya 114,000 maimakon 120,000, kada a zuba ragin 6,000 ɗin duka a zangon farko. A raba shi 2,000 kowane zango, domin shekarar ce gaba ɗaya ta jawo ragin.

Gargaɗi: a nan ne makarantu da yawa ke cin kuɗin gobe a yau. Mai makaranta ya ga asusu a cike a Satumba, sai ya sa a zuba dakin na sabon aji ko ya sayi motar ɗaukar yara. Da Mayu ta zo, yaran da iyayensu suka biya tun Agusta suna zaune a aji, malamai suna jiran albashi, kuɗinsu kuma ya daɗe da zama bulo. Ga kuma albashin da ake biya wata goma sha biyu alhali sau uku kawai ake karɓar kuɗi, wato kowane zango yana ɗauke da albashin wata huɗu. In da hali, a buɗe asusun banki na biyu a riƙa ajiye kuɗin zangunan da ba su zo ba.

Tun lokacin karɓar kuɗin kuma a yanke abu biyu a rubuce a jikin takardar da ake ba iyaye: idan an ƙara kuɗin makaranta a tsakiyar shekara, wanda ya riga ya biya zai cika ko ba zai cika ba, kuma idan ya cire ɗansa nawa za a mayar masa. Adalci dai shi ne kuɗin zangon da ba a fara ba a mayar da shi duka. Mayarwar daga asusun ajiya take fita, hagun ajiyar iyaye da daman banki, ba ta shiga cikin abubuwan da makaranta ta kashe.

3. Ranar buɗe zango, caji kowane yaro cikakken kuɗi

A makon farko, bayan an tabbatar da waɗanda suka dawo daga rajistar kiran suna ta malaman aji, a rubuta wa kowane yaro naira 40,000 a shafinsa. Kowane yaro, har da maraya, har da ɗan mai makaranta. Ɗalibai 200 sau 40,000 ya ba da 8,000,000. A rubuta wannan a hagun bashin ɗalibai da daman kuɗin shiga na karatu.

Sai a ɗauko daga ajiya abin da lokacinsa ya yi. Yara 40 ne aka biya wa zangon farko tun Agusta, wato 1,600,000. A rubuta shi a hagun ajiyar iyaye da daman bashin ɗalibai. Yanzu waɗannan 40 ɗin ba a bin su komai, ajiya kuma ta koma 800,000, wato 80,000 na kowane ɗaya daga cikin mutum 10 da suka biya shekara. Wannan 800,000 za ta zauna har Janairu a cire rabi, sauran rabin sai zango na uku.

Makarantar da ke fitar da rahoto sau ɗaya a zango, abin da aka yi ya wadatar. Wadda ke fitarwa duk wata, ko wadda shekarar lissafinta ke ƙarewa a tsakiyar zango, sai ta raba kuɗin zangon a kan watanninsa, ta riƙa sakin kason kowane wata idan ya ƙare. In ba haka ba Satumba za ta nuna riba mai ban mamaki, Nuwamba ta nuna asara, alhali aiki ɗaya aka yi a duka biyun.

Gargaɗi: kuɗin rajistar jarrabawar da wata hukuma ke shiryawa, irin su WAEC da NECO a sakandare, da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ba kuɗin shiga na makaranta ba ne. Amana ce da za a miƙa wa masu ita, kowanne ya samu asusunsa. Yunifom da littattafai kuma ciniki ne, a ware su daga kuɗin karatu ko da a rasit ɗaya aka biya.

4. Raba tallafi gida biyu: wanda makaranta ta yafe da wanda wani zai biya

Kalma ɗaya ake kiran su da ita, sikolashif, amma a littafi ba su haɗa hanya ba. Tambayar da za a yi a kan kowane yaro ita ce: akwai wanda zai kawo wannan kuɗin, ko babu?

Idan babu, rangwame ne, makaranta ce ta ɗauki nauyin. A misalinmu akwai marayu 5 da aka yafe wa duka, 200,000 ke nan. Akwai 'ya'yan malamai 8 da ke biyan rabi, 160,000. Akwai kuma yara 12 da aka rage wa kashi 10 cikin ɗari saboda gidansu na da yara uku a makarantar, kowanne 4,000, jimilla 48,000. Duka ya kama 408,000. A rubuta shi a hagun asusun rangwame da tallafi, da daman bashin ɗalibai, sannan a sauke wa kowane yaro nasa a shafinsa. Kuɗin shiga na gaskiya na zangon ya zama 8,000,000 a cire 408,000, wato 7,592,000.

Wani zai ce, me ya sa za a caji maraya sannan a goge, maimakon a bar shafinsa fayau? Dalili biyu. Na farko, mai makaranta ya san abin da alherinsa ke ci. A nan kusan kashi 5 cikin ɗari ne na kuɗin zango, fiye da naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara, kuma da wannan adadin ne zai san ko zai iya ƙara yara biyu ko ba zai iya ba. Na biyu ya fi muhimmanci. Idan aka saba barin wasu yara ba caji, an buɗe ƙofar ɓarna: ma'aji marar amana zai iya karɓar kuɗin yaro a hannu ya sa aljihu, idan aka tambaya ya ce ai ɗan tallafi ne. Amma idan yawan yaran da aka caja ya yi daidai da yawan na rajistar aji, kuma kowane rangwame yana da takardarsa, babu inda kuɗi zai ɓuya.

Rajistar tallafi ita ce takardar. A rubuta lambar yaro, irin tallafin, kashi nawa ne, abin da ya ƙunsa, zangon da zai fara da wanda zai ƙare, da sa hannun mai makaranta. Batun abin da ya ƙunsa a kula da shi: uwar maraya da aka ce mata "an yafe" za ta ɗauka har da yunifom da littattafai da kuɗin jarrabawa, in ba a faɗa mata ba. Wanda ke karɓar kuɗi kuma bai kamata ya zama shi ke da ikon yin rangwame ba. A sake duba rajistar a farkon kowace shekara, domin malami kan bar aiki ɗansa ya ci gaba da biyan rabi shekara biyu ba wanda ya lura.

Idan kuwa akwai mai biya, ba rangwame ba ne ko kaɗan. A ce wata ƙungiyar unguwa ta ɗauki nauyin yara 10. Makaranta za ta samu 400,000 ɗinta cif, wanda ake bi ne kawai ya canza. A ɗauke bashin daga kan yaran a mayar kan ƙungiyar: hagun bashin masu ɗaukar nauyi, daman bashin ɗalibai. Ƙungiyar ta samu shafinta kamar yadda kowane yaro ke da nasa. Idan ta biya kuɗin shekara tun farko, shi ma ajiya ne kamar na iyaye, a riƙa cira zango-zango, kuma ba a biya wa wani yaro daban da shi sai da izininta.

Gargaɗi: alkawarin baki ba ya shiga littafi. Ɗan siyasa ko attajiri ya tashi a taron yaye ɗalibai ya ce ya ɗauki nauyin yara ashirin, an yi tafi, an watse. Kafin a ɗauke bashi daga kan iyaye, a samu wasiƙa mai sunayen yaran da adadin kuɗin da tsawon lokacin. Wasiƙar ta kuma faɗi wanda zai biya idan mai ɗaukar nauyin ya janye.

'Ya'yan malamai suna da wani tarko nasu. Rabin da aka yafe rangwame ne. Ɗaya rabin, idan daga albashi ake cirewa, biya ne: a rubuta cikakken albashin malamin a matsayin abin da aka kashe, a sauke 20,000 ɗin a shafin ɗansa, a ba shi rasit. Haka ma kafintan da ya gyara bencina a madadin kuɗin 'yarsa. A yi wa aikin kuɗi, a rubuta shi a gyare-gyare, a sauke daidai da shi a shafin yarinyar.

5. Sauke kowane biya a shafin mai shi a ranar da ya shigo

Bayan rangwame da ɗauke na ƙungiya, abin da ke kan iyaye shi ne 7,192,000. An riga an cire 1,600,000 daga ajiya. A tsawon zangon iyaye suka kawo 4,952,000, ƙungiya kuma ta kawo 300,000. Kowanne hagun banki ne da daman asusun bashin da ya dace.

Ƙa'idoji kaɗan ne ke hana wannan mataki lalacewa. Ba a yanka rasit da hoton alat ɗin da uba ya nuna a wayarsa, sai an ga kuɗin a asusun makaranta. Idan uba ya turo dunƙulallen kuɗi na yara uku, a tambaye shi yadda za a raba, a rubuta rabon a rasit. Idan ana bin yaro tsohon bashi, abin da ya shigo tsohon zai fara biya, kuma a gaya wa uban haka a lokacin. Idan an biya ta POS aka cire caji, misali aka biya 40,000 amma 39,900 ta shigo, yaron ya biya 40,000 cif, naira 100 ɗin kuma ta tafi asusun cajin banki. In ba a yi haka ba, ƙarshen zango za a tarar da yara hamsin ana bin kowannensu naira ɗari, bashin da babu shi.

Kuɗin da ya shigo da sunan da ba a sani ba, kamar yadda ake yi idan kawu ne ya turo daga wani gari ko aka tura ta hannun mai POS na bakin titi, a ajiye shi a asusun kuɗin da ba a san mai shi ba, tare da kwanan wata da sunan da ya fito a banki. Kada a yi hasashe a sauke wa wani yaro. Kafin a aika wa kowane uba takardar neman bashi, a fara duba wannan asusun, domin babu abin da ke ɓata tsakanin makaranta da iyaye kamar a kori yaron da aka riga aka biya wa.

A watan Disamba kuma iyaye 15 suka biya kuɗin zango na biyu tun kafin hutu, 600,000. Wannan ya koma mataki na 2: ajiya ce. Asusun ajiya ya tashi daga 800,000 zuwa 1,400,000.

6. Ƙarshen zango, fitar da jerin bashi da jerin ajiya, kowanne daban

A ranar da aka yi hutu a ja layi a kowane shafi a fitar da saura. Abin da ake bin iyaye: 7,192,000, a cire 1,600,000, a cire 4,952,000, saura 640,000. Da aka bi shafukan sai aka ga yara 9 ba su biya komai ba, 360,000, wasu 14 kuma sun biya rabi, 280,000. Jimillar jerin ta yi daidai da abin da ke babban littafi, kuma dole ta yi. Ƙungiya ana bin ta 100,000. Duka bashin 740,000.

Mai amfani da Excel ya sa lambar yaro a A, suna a B, tsohon saura a C, cajin zango a D, rangwame a E, abin da aka biya a F, saura a G. Ƙungiyar ta samu layinta, cajin yaranta 10 ya koma can.

```
=C2+D2-E2-F2
=SUMIF(G2:G250,">0")
=SUMIF(G2:G250,"<0")
```

Layi na farko shi ne sauran kowane yaro. Na biyu zai ba da 740,000, bashin da makaranta ke bi. Na uku zai ba da 1,400,000 da alamar ragi, ajiyar da makaranta ke riƙe da ita.

Gargaɗi: kada a tara shafin G gaba ɗaya a adadi guda. Zai ba da 660,000 da alamar ragi, sai a ga kamar ba a bin kowa komai. Ajiyar Alhaji ba ta biya bashin maƙwabcinsa. A rahoto bashi yana cikin abin da makaranta ta mallaka, ajiya tana cikin abin da ake bin ta, kuma kowanne da cikakken adadinsa zai fito. Ko a gida ɗaya ne, ba a ɗauki rarar wa a biya wa ƙane sai uban ya yarda.

Yanzu a gwada lissafin duka da layi ɗaya. Kuɗin shiga na gaskiya, a cire bashin da ba a biya ba, a ƙara ajiyar da ake riƙe da ita, dole ya ba da kuɗin da aka karɓa. Wato 7,592,000, a cire 740,000, a ƙara 1,400,000, ya zama 8,252,000. A ɗaya ɓangaren, rasit sun nuna 2,400,000 na Agusta, da 4,952,000, da 300,000, da 600,000 na Disamba, jimilla 8,252,000. Sun haɗu. A zangunan gaba sai a ƙara tsohon bashin da aka shigo da shi, a cire tsohuwar ajiya, sannan a gwada. Idan ba su haɗu ba, a duba girman bambancin: in ya yi daidai da kuɗin zango ko rabinsa, an manta cajin wani yaro ko rangwamensa, in yana rabuwa da tara ba saura, sau da yawa an juya lambobi ne, an rubuta 54,000 a wurin 45,000.

Wannan gwajin kuma shi ke nuna wa mai makaranta inda yake tsaye. Banki ya ga 8,252,000, amma abin da zangon ya samar 7,592,000 ne, kuma daga ciki 6,852,000 kawai ya zo hannu. Da shi ake auna albashi da haya da sauran hidima.

7. Tace bashin: wanda zai dawo da wanda aka fara fidda rai

Ba duk 740,000 ne zai shigo ba, kuma rubuta shi duka kamar kuɗi a hannu yaudarar kai ce. A raba jerin bisa daɗewa: na wannan zango, na zango biyu, na shekara ko fiye. Sannan a ware yaran da suka bar makaranta, domin da zarar yaro ya tafi, dalilin da zai kawo ubansa ofis ya tafi tare da shi. Haka ma 'yan ajin ƙarshe, bashinsu a bi shi tun zango na biyu, kada a jira na uku.

A misalinmu, 2 daga cikin yara 9 ɗin da ba su biya komai ba sun daina zuwa tun Nuwamba, an ce iyayen sun tashi daga garin. Nasu 80,000 a yi masa tanadi duka. Sauran 560,000 na yaran da ke nan, sai a duba tarihin makarantar kanta: a shekaru biyu ko uku da suka wuce, daga cikin kowace naira ɗari da aka tsallaka hutu da ita, nawa ce ba ta taɓa shigowa ba? A ce goma ce. Tanadin ya zama 56,000. Ƙungiyar tana da wasiƙa kuma ta saba cikawa, ba a yi mata tanadi ba. Jimilla 136,000, a rubuta a hagun asarar bashi cikin abubuwan da aka kashe, da daman tanadin asarar bashi. A rahoto bashin zai fito 740,000, a ƙarƙashinsa tanadi 136,000, saura 604,000.

Gargaɗi: tanadi ba yafiya ba ne. Ba a taɓa shafin kowane yaro, kuma ana ci gaba da neman kuɗin. Goge bashi mataki ne daban, sai an bi an gaji, kuma sai da sa hannun mai makaranta. A lokacin ne ake rubuta shi a hagun tanadi da daman bashin ɗalibai, a rufe shafin. Idan uban ya dawo bayan shekara biyu neman takardar shaida ya biya, a karɓa da rasit a rubuta shi a matsayin bashin da aka goge ya dawo.

Akwai wata dabara da ya kamata a guje mata: mayar da bashin da ya gagara ya zama "tallafi" a ƙarshen zango don jerin bashi ya yi kyau. Tallafi kafin zango ake yanke shi. Idan mahaifin yaro ya rasu a tsakiyar zango aka ga ya dace a yafe, a yi, amma da sabuwar takarda mai kwanan watan ranar da dalilinta.

8. Tsallaka da saura zuwa sabon zango

Sauran kowane yaro shi ne layin farko a shafinsa na zango na biyu, da kalmar "saura daga zangon farko". A Excel, abin da ke G ya koma C na sabon shafi, a manna shi a matsayin lamba kawai don kada lissafin ya biyo shi. Ba a sake rubuta tsohon bashi a kuɗin shiga. An riga an ƙirga shi a zangon da aka koyar, idan ya shigo a Janairu bashin kawai yake ragewa. Sake ƙirga shi ne ke sa makaranta ta ga ribar da ba ta ci ba.

Takardar da za a sa wa yaro cikin katin sakamako ta nuna layi uku: tsohon saura, kuɗin sabon zango, jimilla. Wanda ya biya rabi zai ga 20,000, da 40,000, da 60,000. Wanda ya biya shekara shi ma a ba shi tasa, ya ga an cire 40,000 saura 40,000 a ajiye. Takardar a ninke ta a cikin ambulan, ba a karanta sunayen masu bashi a taron safe.

Wanda bashinsa ya kai zango guda cif, a kira shi ofis lokacin hutu a yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan a rubuce: nawa, a waɗanne ranaku, da sa hannun shaida. Ba baƙon abu ba ne ga iyaye Musulmi, aya ta 282 a Suratul Baƙara umarni ce da rubuta bashi. Ƙara wani abu a kan bashin saboda jinkiri kuwa, malaman addini suna ɗaukarsa riba, wato kuɗin ruwa, don haka kada a sa tarar makara a yarjejeniyar. Abin da ya fi aiki shi ne iyaka: a rubuta tun farko cewa bashin da ya cika zango biyu, yaro ba zai fara na uku ba sai an zauna da mai makaranta.

A makon farko na Janairu a koma mataki na 3. A tabbatar da waɗanda suka dawo, a daina cajin yara biyun da suka tafi, a caji sauran, sannan a cire 1,000,000 daga ajiya: 600,000 na masu biyan Disamba da 400,000 na masu biyan shekara. Abin da zai rage a asusun ajiya 400,000 ne, na yara 10, kowanne 40,000, kuɗin zango na uku.